Saƙo ɗaya ya shigo sau uku: yadda za ka gane ko sabis ne ya maimaita ko mai saƙon ne

Yayana yana da shagon taki da irin shuka a kasuwar Sabon Gari, kuma layin shagon yana cikin wata ƙaramar waya mai madannai, saboda tana kwana uku ba ta nemi caji ba. Wata Talata a farkon damina, wani manomi da ke wani ƙauye gaba da Giwa, wanda ya daɗe yana sayayya a wurinsa, ya sa ɗansa ya rubuto saƙon tes. Abin da ya fara shigowa da ƙarfe 4:12 na yamma shi ne:

"Salamu alaikum Alhaji. A ɗora min buhu 5 na taki a motar Giwa gobe,"

Da ƙarfe 4:19 wannan rubutun ya sake shigowa, ba ragi ba ƙari. Da 4:31 na uku ya shigo, wannan karon da jela: "amma sai na turo kuɗin tukuna, kada a ɗora kafin nan." Can wajen ƙarfe 6:05 kuma sai ga na huɗu: "Alhaji ka ga sakona? taki buhu 5."

Yaron shago ya lissafa biyar sau uku, ya ce, "Maigida, buhu 15 ke nan zan ware?" Yaya kuwa ransa ne ya ɗan sosu, yana cewa wannan naci na mene ne, sai ka ce ya taɓa hana shi kaya. Dukansu sun yi kuskure. Saƙonnin nan huɗu daga tushe uku daban-daban suka fito, kuma a cikinsu ɗaya ne kaɗai mutumin ya yi niyyar maimaitawa.

Abin da ke faruwa tsakanin wayar can da taka

Saƙon tes ba ya tafiya kai tsaye daga waya zuwa waya. Wayar mai aikawa tana miƙa shi ga cibiyar saƙonni ta kamfanin layinsa, cibiyar ta buga masa lokacin da ta karɓa, ta ajiye, sannan ta nemo wayarka ta ba ta. A kowane miƙi akwai 'yar amsa da ke komawa baya, wadda ba ka gani, mai cewa "na karɓa". Duk rikicin a kan wannan amsar yake.

Idan sabis ɗinka ne mai rauni, saƙon zai iya shiga wayarka lafiya lau amma amsar ta ɓace a hanya. Cibiyar ba ta ji komai ba, sai ta ɗauka bai isa ba, ta jira, ta sake kawowa. Wannan shi ne tushe na farko, kuma mai aikawa bai ma san ana yi ba.

Idan kuma sabis ɗin mai aikawa ne mai rauni, cibiyar za ta karɓi saƙon amma amsarta ta kasa komawa wayarsa. Wayar sai ta nuna masa `Not sent` ko `Failed`, alhali saƙon ya riga ya wuce. Shi kuma ya danna sake aikawa, da gaskiyarsa. Wannan ne tushe na biyu, kuma a ganina shi ya fi haddasa saɓani, domin yatsan mutum ne ya danna amma ba da nufin maimaici ba.

Na uku shi ne wanda ya san saƙonsa ya tafi, ya sake turowa don yana jiran amsa, ko don yana son ƙari, ko don ya dame ka.

Mataki na farko: gano wane lokaci wayarka take nunawa

Kafin ka dogara da lokacin da ke jikin saƙo, sai ka san wane lokaci ne. Wasu wayoyin suna nuna lokacin da cibiya ta buga, wasu suna nuna lokacin da saƙon ya shigo. Gwajin ba wuya. Kashe wayar, ka sa wani ya turo maka tes, ka duba agogo, ka bar ta a kashe minti goma, sannan ka kunna. Idan saƙon ya zo da lokacin da aka aiko shi, wayarka lokacin cibiya take nunawa, kuma shi muke so. Idan ya zo da lokacin da ka kunna, sai ka shiga cikin bayanan saƙon ka nemo ɗayan. A ƙananan wayoyi yawanci yana ƙarƙashin `Options`, sannan `Details` ko `Message details`. A manhajar Google Messages kuma ka danne saƙon, ka taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi `View details`, za ka ga `Sent` da `Received` kowanne da nasa lokacin.

Sau ɗaya ake wannan gwajin ga kowace waya. Wayar Yaya lokacin cibiya take nunawa.

Mataki na biyu: jera lokutan aikawa

Da na buɗe saƙonnin, na farko yana ɗauke da 4:12. Na biyu, wanda yaron shago ya rantse ya ji ƙarar shigowarsa da 4:19, shi ma 4:12 ne a jikinsa. Saƙo biyu, lokacin shigowa daban, lokacin aikawa ɗaya: cibiya ce ta kawo abu ɗaya sau biyu. Kuma wannan ya nuna inda raunin yake. A shagon yake, a can cikin kasuwa ƙarƙashin rufin kwano, inda wayar take kwance a cikin durowa.

Na uku yana ɗauke da 4:30. Sabon lokaci yana nufin sabon miƙi daga wayar can. A nan ne lokaci kaɗai ya daina wadatarwa, domin wanda wayarsa ta ruɗe shi da wanda ya maimaita da gangan duk sabon lokaci za su samu.

Manyan wayoyi na zamani kan jefar da kwafin da ya zo da lamba ɗaya, lokaci ɗaya da rubutu ɗaya tun kafin ka gani. Shi ya sa masu ƙananan wayoyi suka fi ganin irin maimaicin farko. Idan babbar waya ce a hannunka kuma ka ga kwafi biyu, ka fi zargin cewa daga can aka miƙo sau biyu.

Mataki na uku: gwada rubutun harafi da harafi

Na'ura ba ta gyara kuskure kuma ba ta gajiya. Kwafin da cibiya ta maimaita, ko wanda aka danna masa sake aikawa, zai zo da komai nasa: waƙafi a inda yake, harafin da aka tsallake yana nan a tsallake. Mutum kuwa in ya sake rubutawa da hannu sai ya canza wani abu. Yakan jefar da sallama, ya taƙaita, ya ƙara "don Allah" ko "ka gani?", ko lamba ta koma kalma.

Dubi na ƙarfe 6:05. Babu sallama, babu ƙugiyar ƙ a "sakona", an juya jerin kalmomin zuwa "taki buhu 5", kuma tambaya ce. Daga baya muka ji cewa dattijon ne ya karɓi wayar ya rubuta da kansa bayan ɗan ya fita. Wannan maimaici ne na gangan, kuma dalilinsa a fili yake: kusan awa biyu ba a ba shi amsa ba. Ba naci ba ne, shiru ne ya yi masa yawa.

Na 4:30 kuwa farkonsa daidai yake da na 4:12 har waƙafin ƙarshe. Sabon lokaci, tsohon rubutu, tazarar minti 18. Wannan ita ce kamar wanda ya ga `Not sent`, ya fita neman sabis a bakin hanya, ya danna sake aikawa.

Iyakar wannan matakin ita ce mai kwafewa ya liƙa. Wanda yake son ya dame ka zai iya turo rubutu ɗaya sak sau goma. Abin da ke tona shi tazara ce da kuma abin da ya biyo baya. Maimaicin raunin sabis yakan taru wuri ɗaya, cikin 'yan mintoci, ya kuma tsaya da zarar sabis ya daidaita ko ka amsa. Na gangan yana bin agogon mutane: bayan Azahar, bayan Magariba, washegari da safe, kuma yakan zo da rakiyar filashin ko kira. Idan ka amsa a fili kuma abu ɗaya ya ci gaba da zuwa da sababbin lokuta, ka daina ɗora wa sabis.

Dalilin da ya sa saƙon ya karye, kuma a daidai wurin

Wannan ɓangaren ya fi shafarmu mu masu rubuta Hausa. Shafin tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, muddin duk haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa tes tun asali. Haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin nan. Da zarar guda ɗaya ya shiga, wayar tana sauya wa saƙon gaba ɗaya tsari, shafin ya koma ɗaukar harafi 70 kawai. Alamar naira ta ₦ da 'yan hotunan fuska masu dariya su ma haka suke yi.

Idan rubutu ya wuce shafi ɗaya, wayar tana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta tafi a matsayin saƙo mai zaman kansa, da ɗan tambari mai cewa "ni ce ta 1 cikin 2 ta saƙo kaza". Tambarin yana cin wuri, don haka gunduwa takan ɗauki harafi 153 a tsarin farko, 67 a tsarin masu ƙugiya.

Saƙon manomin harafi 121 ne gaba ɗaya. Da ba ƙugiya, shafi ɗaya ne, ko ya zo duka ko kada ya zo. Amma ɗan nasa ɗan makaranta ne, ya rubuta "ɗora" da "kuɗin" yadda malamin Hausa ya koya masa, sai saƙon ya rabu biyu: 67 da 54. Ƙirga daga "Salamu" zuwa waƙafin bayan "gobe", za ka samu 67 cif. Gunduwar farko ta iso, har sau biyu. Ta biyu, mai ɗauke da sharaɗin kada a ɗora kaya sai kuɗi sun shigo, ta maƙale.

Wayoyi sun bambanta a nan. Wasu suna riƙe abin da ya iso har sauran su zo, sai ka ga saƙon ya makara amma cikakke. Wasu suna nuna abin da suka samu. Tsofaffin wayoyin Nokia sukan rubuta `*some text missing*` a gurbin da ya ɓace, wanda taimako ne babba, amma ba kowace waya ke yin wannan karamcin ba. Don haka ka lura da kanka: saƙon da ya ƙare da waƙafi, ko a tsakiyar kalma, ko ya fara da ƙaramin harafi ba sallama ba gabatarwa, gunduwa ce. In ka ƙirga ka samu wajen 67 ko 153, ka tabbata.

Gunduwar da ta maƙale ba ta mutu ba. Da daddare, bayan Yaya ya koma gida Tudun Wada inda sabis ya fi ƙarfi, sai ga "amma sai na turo kuɗin tukuna, kada a ɗora kafin nan." ita kaɗai, da lokacin yamma a jikinta. Wanda bai san zancen ba zai ɗauka sabon gargaɗi ne, har ya ji haushin ana tuna masa abin da ya riga ya karanta.

In a WhatsApp ne

A nan lissafin ya sauya. Kowane saƙo yana da lambar shaidarsa ta ɓoye, saboda haka ko wayar ta yi ta ƙoƙarin aikawa, da wuya kwafi biyu su bayyana. Saƙon da bai tafi ba yana zaune da alamar agogo, in sabis ya dawo ya tafi sau ɗaya. Maki ɗaya yana nufin ya bar wayarka, biyu ya shiga wayar can, biyu shuɗaye an buɗe, sai dai in mutumin ya kashe wannan alamar. Rubutu kuma ba ya karyewa gida biyu kamar na tes.

To in ka ga abu ɗaya sau uku a WhatsApp, kusan ko yaushe yatsa ne. Amma yatsa ba ya nufin mugun nufi. Mutum ya ga agogo ya ƙi gushewa, ya sake rubutawa, ya sake, sai sabis ya dawo duka ukun su zubo a jere kamar an kwance buhu. Alamar ita ce sun shigo tare a lokaci guda, kuma sau da yawa mai su yana binsu da `Delete for everyone` don kunya. Wanda ke ɗauke da `Forwarded` a samansa kuwa turo shi aka yi daga wata hirar, ba sabis ba ne ya haife shi.

Saƙon murya ma haka. Biyu masu tsawo iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, turawa aka sake yi. In ɗaya daƙiƙa 9 ne ya yanke a tsakiyar magana, na biyu 34, to yatsa ne ya zame ko kira ya shigo, aka sake ɗauka. Saurari mai tsawon.

Mataki na huɗu: tambaya ɗaya mai lamba a ciki

Duk binciken nan don ka san da wace fuska za ka tunkari mutum ne. Ba ya maye gurbin tambaya in kaya ko kuɗi za su motsa. Kuma yadda ake tambayar yana da muhimmanci. "Na gani" ba ta warware komai, don bai san wanne ka gani ba. Abin da Yaya ya faɗa da ya kira shi ne, "Malam, saƙonka ya shigo sau huɗu. Buhu 5 ne gaba ɗaya, kuma sai kuɗi sun shigo za a ɗora, haka ne?" Dattijon ya ce, "Haka ne Alhaji, biyar ne. Wayar ce ta ce wa yaron bai tafi ba." Minti ɗaya bai cika ba.

In kira ya ƙi shiga, tura tes gajere wanda bai kai harafi 70 ba, ka sa jimillar a ciki, ka nemi ya amsa da "e" ko "a'a".

Alat ɗin banki da ya shigo sau biyu

Washegari da safe alat ya shigo na naira 200,000, bayan minti shida wani ya sake shigowa na naira 200,000. Yaron shago ya ce to ai ga shi, manomin ya ƙara oda. Alat ma tes ne, duk abin da ke samun tes yana samunsa. Amma shi yana da shaidar da saƙon mutum ba shi da ita, wato ragowar kuɗin da ake rubutawa a ƙasa. Kafin nan akwai 315,000 a asusun. Alat na farko ya nuna 515,000, na biyu ma 515,000. Da kuɗi biyu ne, na biyun zai nuna 715,000. Kuɗi ɗaya ne, sanarwa biyu.

Kada ka tsaya a nan in kuɗin da yawa. Buɗe manhajar bankin ko ka duba ragowar da lambar bankinka, domin tes abu ne da ɗan damfara ke iya ƙirƙira, har ya zo ya ce ya turo sau biyu bisa kuskure, a mayar masa da ɗaya. Kowace tura kuɗi tsakanin bankuna tana da `Session ID` nata mai lamba 30, yana jikin rasit. Rasit biyu masu lamba ɗaya tura ɗaya ce.

Ta ɓangaren mai turawa haɗarin ya fi girma. In kana tsakiyar tura kuɗi sabis ya ɗauke, allon ya nuna kuskure, wannan daidai yake da `Not sent` na ƙarya: mai yiwuwa umarnin ya wuce, amsar ce ba ta dawo ba. Duba ragowar kuɗinka da jerin abin da ya fita kafin ka sake dannawa. A tes maimaici 'yan nairori yake ci, a nan kuwa kuɗin ne gaba ɗaya zai sake fita.

In kai ne a inda sabis ba shi da ƙarfi

Fara da kunna rahoton isar saƙo a saitin manhajar tes, ana kiransa `Delivery reports` ko `Get SMS delivery reports`. Da shi za ka san saƙon ya shiga wayar can ba sai an amsa ba. In ka ga `Not sent`, kada ka danna nan take. Matsa inda sabis ya fi, ka ba shi 'yan mintoci, ka ga ko rahoto zai zo. Wata shaidar ita ce kati: tun farkon 2025 shafin tes ya koma naira 6 daga naira 4, kuma `*310#` yana nuna ragowar katinka a kowane layi. In ka san abin da ke ciki kafin ka aika, kuma ka ga an cire, cibiya ta karɓa. Yaron manomin ya biya kuɗin shafi huɗu a kan saƙon da zai iya tafiya a shafi ɗaya.

Sannan ka tsara rubutun yadda ko ya karye ba zai cutar ba. Sharaɗi ya zo a gaba: "Kada a ɗora sai na turo kuɗi" tukuna, sannan adadin buhu. Ni mai son a rubuta Hausa da ƙugiyoyinta ne, kuma ina jin zafin ganin an mayar da ƙasa kasa. Amma a tes na ciniki daga ƙauye, ko dai ka riƙe shi ƙasa da harafi 70, ko ka ajiye ƙugiyar ka rubuta "naira" da haruffa maimakon alamarta. A WhatsApp ka sa abinka, can ba ta rage komai.

In dole ka sake aikawa, ƙara kalma ɗaya a farko: "Maimaici ne." In kuma ƙari kake so, ka faɗi jimilla: "Ƙarin buhu 5, duka 10 ke nan." Manomin nan haka yake yi yanzu, ɗansa ne ya koya masa. Yaya kuma ya fitar da wayar shago daga durowa, ya rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa, inda sandunan sabis ke kai uku.